Waƙar gaskiya mai amsa-amon "-ya": abin da na gani a Sabo

'Yan'uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, na san da yawanku kun sha wannan roƙon. Da zarar mutanenmu na unguwannin Hausawa sun ji kana jami'a, musamman in ka ce harshe kake karanta, to ka zama marubucin unguwa. Takardar neman taimako kai ne, jawabin walimar sauka kai ne, waƙar yara ta taron makaranta ma kai ne. Wannan ta ƙarshen ita ce ake rainawa, ana ganin aikin minti goma ce. Ni kuwa ina ganin ta fi sauran wuya, kuma in taken da aka ba ka "gaskiya" ne, akwai wani rami da ke jiranka wanda ba kowa ke lura da shi ba.

Ina digiri na biyu a fannin nazarin harshe a Jami'ar Ibadan, kuma wasu ranakun Asabar nakan leƙa wata ƙaramar makaranta a Sabo in taimaka wa yara da karatun Hausa. Makarantar tana da asambuli duk safiyar Litinin, kowane mako da takensa. Da makon gaskiya ya matso, wani dattijon malami a can ya rubuta waƙa ya ba ni in duba masa. Sharaɗinsa guda ne: kowane ɗango, wato kowane layi, ya ƙare da sauti iri ɗaya daga farko har ƙarshe, yadda ya ji ana yi tun yana yaro. Daga aikin da muka yi ni da shi ne wannan rubutun ya fito.

Bari in fara da sunayen abubuwa, don mu fahimci juna. Sautin da ke maimaituwa a ƙarshen layi shi ne amsa-amo, tsofaffin malamai kuma suna cewa ƙafiya. A waƙa 'yar ƙwar biyar, layuka huɗu na farkon baiti suna da nasu ƙaramin amsa-amo da ke sauyawa daga baiti zuwa baiti, layi na biyar ne ke riƙe da babban amsa-amo har ƙarshen waƙa. Wannan tsarin yana ba mawaƙi wurin shan iska. Abin da Malam yake so ba shi da wannan sauƙin, domin babba da ƙaramin duk abu ɗaya ne. Kuma a Hausa gaɓar ƙarshe gaba ɗayanta ake so ta dace, baƙi da wasalinsa, ba wasali kaɗai ba. "Kasuwa" da "gaskiya" duk sun ƙare da "a", amma ba su amsa wa juna ba. Ko "'ya'ya" ma ba ta shiga layin "gaskiya", don "'y" mai maƙura wani baƙi ne daban da "y".

To, in taken gaskiya ne, hannu da kansa yake tafiya wajen "-ya". Ba laifi ba ne. Sa'adu Zungur ma "-ya" ya kama ya riƙe a "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", kuma kunnen duk wanda ya yi Hausa a sakandare ya saba da wannan sautin. Amma kafin a rubuta layi ko ɗaya, abin da nake ba da shawara shi ne a ɗauki takarda a jera duk kalmomin da ke ƙarewa da "-ya" waɗanda yaron firamare ya sani. Mu mun samu wajen ashirin: gaskiya, ƙarya, zuciya, duniya, dukiya, lafiya, kunya, hanya, rijiya, tsintsiya, godiya, dariya, tambaya, tafiya, juriya, biya, wuya, ƙaya, kaya, baya, ɗaya. Wannan jerin shi ne jarinka. In waƙarka layi talatin ce kuma jarinka ashirin, ka san tun yanzu za ka yi ta maimaita kalma ko ka shiga ƙirƙiro abin da ba Hausa ba. Shi ya sa muka tsaya a layi goma sha biyu.

Yanzu ga ramin. Ku sake duban jerin nan. Gaskiya, dukiya, duniya, lafiya. Ko ba ka yi tunani ba, kalmomin da kansu za su haɗa maka jimla: mai gaskiya zai sami dukiya, zai ji daɗin duniya, zai zauna lafiya. Kusan haka rubutun Malam na farko ya kasance. Akwai layin da ya ce mai gaskiya shi ke da dukiya a duniya. Na tambaye shi, "Malam, ka yarda da wannan layin?" Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan nan, in da haka ne ai da ni ne mai Sabo." Shekararsa fiye da ashirin yana koyarwa, kowa ya shaide shi da riƙon amana, kuma har yau a gidan haya yake.

Ba shi ya faɗi wannan maganar ba, amsa-amo ne ya faɗa da bakinsa. Kuma yaran da za su tsaya a layi su saurara ba jarirai ba ne. Da yawansu suna talla bayan an tashi, wasu suna zaman shago, wasu iyayensu 'yan canji ne. Sun san wanda ke tauye mudu kuma sun ga irin motar da yake hawa. In ka tsayar da su cikin rana ka ce musu gaskiya tana kawo kuɗi, abin da za su koya shi ne waƙar asambuli magana ce da ake faɗa ba don ana nufinta ba. Wato an yi musu ƙarya a cikin waƙar gaskiya. A ganina wannan ya fi karyewar kari muni nesa ba kusa ba, don karyewar kari kunne kawai take ɓata wa rai.

Maganin da muka samu shi ne mu fara da labari kafin amsa-amo. Muka zauna muka rubuta abin da zai faru a zube, cikin jimla biyar, ba tare da tunanin "-ya" ba. An aiki yarinya shago. Ta ba da ɗari biyar, mai shago ya ɗauka dubu ce, ya ba ta canjin dubu. Zuciyarta ta raya mata ta riƙe. Ba wanda ya gani. Ta mayar. Bayan nan ne muka koma kan jerin kalmomi muna tambaya, wacce ce labarin nan yake buƙata? Abin da za a aike ta saye ya zama tsintsiya. Dukiya ta samu wuri, amma a bakin zuciya mai zuga, ba a matsayin ladan gaskiya ba. Duniya kuwa ba ta samu aiki ba sam, muka sallame ta.

Sai maganar kari, wanda a nan ne yawancin waƙoƙin asambuli suke tuntuɓe. Mutane suna ƙirga gaɓoɓi su ga sun yi daidai, su rasa dalilin da ya sa waƙar ta ƙi reruwa. Dalilin shi ne gaɓar Hausa iri biyu ce ta fuskar nauyi. Akwai mai sauƙi, baƙi da gajeren wasali, kamar "ki" a gaskiya. Akwai mai nauyi, wadda take da dogon wasali ko tagwan wasali ko ta rufe da baƙi, kamar "gas" da "yaa". Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, don haka ido ba zai taimake ka ba. Dole ka faɗi kalmar da ƙarfi ka ji inda bakinka ya daɗe.

Ku gwada da "gaskiya": nauyi, sauƙi, nauyi. Yanzu ku faɗi zuciya, dukiya, rijiya, tsintsiya, godiya, lafiya, tambaya. Duk awonsu ɗaya. Wannan babbar kyauta ce, domin akwai karin da ke ƙarewa da wannan awon daidai, wanda masu aruli ke kira Ramal: fa'ilatun, fa'ilatun, fa'ilun. Gaɓa goma sha ɗaya ke nan, ta biyu da ta shida da ta goma masu sauƙi, sauran duk masu nauyi. Ga yadda layi ɗaya ya zauna a kai, na ninka wasulan da ke da tsawo don a gani:

In-na-taa-cee / zoo-ki-saa-moo / tsin-tsi-yaa

Da ka zaɓi wannan karin, jarinka ya ragu. "Ƙarya" nauyi ce da nauyi, babu mai sauƙi a tsakiya, saboda haka ba za ta iya zama a ƙarshen layi ba. Haka "kunya" da "hanya". "Tafiya" kuma masu sauƙi biyu ne a jere, ita ma ta fita. A rubutun Malam na farko, wani layi ya ƙare da "gaskiya", na bayansa da "ƙarya". A takarda kamar tagwaye. Da aka ba yaro ya rera, sai ya riƙa jan ta yana cewa "ƙa-ri-ya", yana cusa wasalin da babu don ya cike gurbin. Wannan ita ce alamar da za ku riƙa saurara: duk inda yaro ya ƙara wasali, ko ya haɗiye gaɓa, ko ya yi sauri kamar ana korarsa, kada ku yi masa tsawa, layin ne ke da ciwo. Mun shigar da "ƙarya" da "hanya" tsakiyar layi, inda nauyi biyu ke iya haɗuwa, suka zauna daram.

Abin da ya fi ba mu dariya shi ne "ɗari biyar". Sauƙi, nauyi, sauƙi, nauyi. Duk yadda muka juya ta, babu gurbin da za ta shiga a wannan karin, don ba inda masu sauƙi biyu suke kusa da juna haka. Malam ya ce a mayar da kuɗin ɗari biyu, muka auna, ita ma ta ƙi. Daga ƙarshe muka ambaci dubu, muka ce yarinyar "rabin wannan" ta miƙa. Sai ga shi an samu ɗan lissafi a ciki, malamin lissafi ma ya ji daɗi.

Ga waƙar yadda ta tsaya:

'Yan'uwana, ga bayanin gaskiya,
Inna ta ce, "Zo ki samo tsintsiya."

Ko da mai shago ya ce min in biya,
Sai ya ban canjin dubu ba tambaya.

Ni rabin wannan na miƙa, zuciya
Sai ta ce min, "Ga ki yau ga dukiya!"

Babu mai kallo a hanyar sai Ɗaya,
Mai ganin komai a zurfin rijiya.

Sai na kai rarar kuɗin, yai godiya,
Na yi barcina a ran nan lafiya.

Mai faɗin ƙarya yakan kwan kan ƙaya,
Gara kwana ba tuwo kan gaskiya.

Akwai wurare uku da mai kunne zai iya kama mu, kuma duk da saninmu muka bar su. Na farko, baiti na uku: jimla ta fara a ƙarshen layi na biyar da "zuciya" ta ƙarasa a na shida. Wannan shi ne saɓi-zarce. In da kowane yaro layi ɗaya zai karanta, da ya zama matsala, don na farko zai tsaya da magana a rataye. Sai muka raba waƙar baiti-baiti, yara shida, kowa layi biyu. Kuma ratayewar nan ta yi amfani, domin ɗan shirun da ke bayan "zuciya" kamar shi ne lokacin da yarinyar take tsaye da kuɗi a hannu.

Na biyu, "Ɗaya". Duk sauran kalmomin ƙarshe dogon wasali gare su, ita kaɗai ce mai gajere. Ku faɗi "rijiya" sannan ku faɗi "ɗaya", za ku ji ta biyun ta katse kamar an rufe ƙofa. A ƙarshen layi kari yana yafe wannan, kuma a wannan wurin katsewar ta dace da ma'anar. Amma in da kalmomi irin su "ɗaya" da "a baya" sun kai uku ko huɗu a waƙa mai layi goma sha biyu, da amsa-amon ya riƙa ɗingishi.

Na uku shi ne karin sauti, hawa da saukar murya. "Gaskiya", "zuciya" da "godiya" suna ƙarewa da murya a sama. "Lafiya", "tambaya" da "ƙaya" suna ƙarewa a ƙasa. Marigayi Farfesa Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi nazari a kan yadda wasu mawaƙan Hausa ke daidaita har wannan, abin da ake kira amsa-amon kari. Mu ba mu bi shi ba, don in ka ƙara wannan sharaɗin a kan na baya, kalmomin da za su rage maka ba za su ishe ka ba da labari ba. In an rera waƙar da murya, rerawar tana rufe bambancin. In kuwa karantawa za a yi kamar magana, za a ɗan ji shi a tsakanin "godiya" da "lafiya". Yaran Sabo, da suke juya Hausa da Yarbanci kullum, kunnensu a buɗe yake ga irin wannan. Wata yarinya 'yar aji biyar ta ce mini layin "lafiya" yana "zama ƙasa". Ban koya mata ba.

Inda muka yi doguwar muhawara da Malam shi ne layin ƙarshe. Shi yana ganin bai kamata a ambaci kwana ba tuwo a gaban yara ba, musamman a wannan lokacin da wasunsu da gaske suke zuwa makaranta ba su karya ba. Ya ce, "Kar mu tsorata su da gaskiya, mu kwaɗaitar da su." Hujjarsa tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Ni kuma na ce yaron da ya san yunwa shi ne ya fi kowa sanin cewa mayar da ɗari biyar ba wasa ba ne, kuma in waƙar ba ta yarda cewa abin yana da tsada ba, to ba da shi take magana ba. Ku lura mai shagon ma godiya kawai ya yi. Malam ya so a ce ya ba ta kyauta, na roƙe shi a bari haka, don sau da yawa a rayuwa godiyar ce kawai, wani lokacin ko ita babu. Abin da waƙar ta yi wa yarinyar alkawari shi ne barci, kuma wannan alkawari ne da ba za a kama mu da saɓa shi ba. Daga ƙarshe ya ce a bar layin, amma shi zai yi bayani bayan an gama, ya kawo abin da addini ya ce game da sakamako. Hakan ya yi mini daidai, wannan fagensa ne.

Za ku ga "gaskiya" ta zo sau biyu a ƙarshen layi. Maimaita kalmar amsa-amo kusa da kusa aibi ne a wurin masu aruli, don yana nuna jari ya ƙare. A nan layi goma ne a tsakaninsu, ɗaya ta buɗe ɗaya ta rufe, kuma ita ce taken taron.

Amfanin amsa-amo guda a wurin taron yara sai a filin ake ganinsa. Bayan baiti biyu, kowa ya gane cewa "-ya" ce ke zuwa, kunne ya fara farauta. Sai muka yi amfani da wannan: a zagaye na biyu, mai karatu yakan tsaya kafin kalmar ƙarshe, dukan makaranta su cike. Mun fara gwada hakan tun ranar Asabar da yara goma da ba su taɓa jin waƙar ba, kuma ina ba ku shawara ku riƙa yin wannan gwajin, don ya fi kowane sharhi. Da aka ce "Mai ganin komai a zurfin", duk suka ce "rijiya" tun kafin a koya musu. Da aka ce "Na yi barcina a ran nan", suka ce "lafiya". Layin da yara suka iya cikewa da kansu, kalmar ƙarshensa ta cancanci wurinta. Wanda suka yi shiru ko kowa ya faɗi tasa, a sake dubansa, wataƙila an jawo kalmar ne da ƙarfi don sauti. A layi na biyu an samu masu cewa "taliya" maimakon "tsintsiya", awonsu kuwa ɗaya, kuma ba wanda zai ce ba a aiken yaro sayen taliya. Mun bar tsintsiya ne kawai don farashinta ya fi dacewa da lissafin canjin.

Waƙar sau biyu, haɗe da fitowar yara da komawarsu, ba ta kai minti uku ba, wanda shi ne iyakar abin da hedimasta ya ware. Wanda ya fi shan wahala shi ne yaron da aka ba baitin ƙarshe, saboda "yakan kwan kan ƙaya". Ka, kwa, ka, ƙa a jere, ga shi Hausarsa ta Sabo ba ta cika bambanta "k" da "ƙ" ba, sai ya riƙa cewa mai ƙarya yana kwana kan kaya. Kwana kan kaya kuwa ai ba azaba ba ce, 'yan lodin mota kullum suna yi. Kwana uku Malam yana sa shi ya faɗi "kaya, ƙaya, kaya, ƙaya" da yatsa a maƙogwaro har ya ji inda iskar ke tsayawa. Ranar Litinin ya fitar da "ƙ" ɗin da ƙarfin da har 'yan layin baya suka fashe da dariya, kuma har yanzu in ya gifta 'yan ajinsu "Ƙaya" suke kiransa.